Littafin Kurakurai: Daga “Sun” Zuwa “Suka” a Marjandafak

Duk wanda ya daɗe yana duba rubutun masu koyon Hausa ya san cewa kurakuran mutum ɗaya ba su da yawa kamar yadda jan biro ke nunawa. Shafi zai cika da gyara har wuri talatin, amma idan aka natsu aka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai a tarar kurakurai huɗu ne ko biyar suke sake riga suna dawowa. Wannan shi ne dalilin ajiye littafin kurakurai. Sai dai na ga littattafai da dama irin wannan da suka zama maƙabarta: an rubuta kuskure, an rubuta gyaransa a gefe, an rufe, kuma bayan mako biyu kuskuren ya sake ɓullowa lafiyarsa lau. Abin da na fahimta cikin shekarun da nake zama da masu koyon rubutun Hausa a unguwarmu shi ne, littafin ba ya aiki sai ya amsa tambayoyi biyu. Me ya jawo kuskuren? Kuma sau nawa aka yi shi cikin sau nawa da aka sami damar yinsa?

Unguwar tamu ita ce Marjandafak, a birnin Injamena, wanda ake kira Fort-Lamy har zuwa 1973. Hausawa sun daɗe a wannan birni. Da yawa daga cikin kakanninsu hanyar Makka ce ta biyo da su, wasu kuma fatauci, har wani masanin tarihi mai suna John Works ya wallafa littafi a kan Hausawan Chadi a 1976. Yaron da ya tashi a nan yana ciniki da Larabcin Chadi, yana karatun boko da Faransanci, Hausa kuwa a gida yake jin ta ko a bakin maƙwabta. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa rubuta ta. Saboda haka idan ya ɗauki biro, harsuna uku ne ke riƙe da hannunsa, kuma kowanne yana da irin sawun da yake bari a takarda.

Zan bi da mai karatu ta littafin wani saurayi ɗan maƙwabcina. Harshen gidansu Larabci ne, Hausa a layi ya tsince ta, kuma yana jin ta sosai. Yana aiki a shagon wani ɗan kasuwa mai sayo kaya daga Kano, kayan da ke biyowa ta Maiduguri da Gamboru da Kuseri kafin su tsallako mana. Shi ne ke rubuta saƙonni zuwa ga abokan ciniki. Abin da ya kawo shi wurina jimla ɗaya ce da ya aika wa wani dillali game da direban mota. Ya rubuta: “Dubu hamsin ɗin nan na bashi ne.” Shi yana nufin ya miƙa wa direban kuɗin, wato “na ba shi ne”. Dillalin kuwa ya karanta yadda aka rubuta, ya ɗauka kuɗin na bashi ne, ya shigar da su cikin abin da yake bin shagon. Sai da aka yi kwanaki ana kai ruwa rana kafin a warware. Maigidansa ya ce masa ko dai ya gyara rubutunsa, ko a nemo wani.

Yadda muka tsara littafin

Littafin rubutu muka samu irin na ’yan makaranta. Idan an buɗe shi, shafin hagu na abin da ya faru ne, shafin dama na abin da za a yi a kai. A hagu akwai kwanan wata, sai jimlar kamar yadda ya rubuta ta tun farko, sai jimlar bayan an gyara. Na dage a kan ya kwafi jimlar gaba ɗaya, domin kalma ita kaɗai ba ta nuna laifinta. “Bashi” kalma ce lafiyayya, “sun” ma haka. Wurin da aka ajiye su ne ya mayar da su kuskure. A dama kuma akwai dalili, wanda zai rubuta da kalmominsa ko da da Faransanci ne, sai sabuwar jimla tasa ta kansa mai irin wannan gini. Shafuka huɗu na ƙarshen littafin muka ware domin ƙidaya.

Ni kuma na ɗaukar wa kaina sharaɗi guda: ba na rubuta masa gyara. Layi kawai nake ja a ƙarƙashin wurin, in mayar masa. Idan ya duba ya ce, “Af, Malam, ai kaza ne,” ya gyara nan take, to wannan tuntuɓen alƙalami ne, gaggawa ko gajiya ce ta jawo shi, kuma maganinsa sake karanta saƙo kafin a aika. Idan kuwa ya zura wa layin ido bai ga abin da ya ɓaci ba, ko ya gyara ya ƙara ɓatawa, to nan akwai ƙa’idar da bai sani ba, ko wata gurguwar ƙa’ida da ya ƙirƙira wa kansa. Irin wannan ne kaɗai ke shiga littafin. Masanin harshe Pit Corder ne ya fito da wannan bambanci fili a wata maƙala ta 1967, inda ya nuna cewa kuskuren da ke maimaituwa shaida ce ta tsarin da mai koyo ya gina a kansa. Amfanin raba su a aikace shi ne littafin ba ya cika da shara.

Makon farko ya kawo saƙonni goma, muka rarraba abin da ke ciki gida-gida. Gida na farko na sawun Faransanci ne a haruffa: “kouma” a madadin “kuma”, “tchiki” a madadin “ciki”. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda kullum yake ganin sunan unguwarsa a takardun hukuma an rubuta shi Mardjandafak. Ƙa’ida ce ta musayar haruffa huɗu ko biyar, ya rubuta su a bangon littafin, kuma cikin kwana goma suka kau. Gida na biyu na raba kalma da haɗe ta ne, inda “bashi” ta faɗa. A nan gwaji ɗaya na ba shi: ya sauya wakilin sunan ya gani. Idan “na ba shi” za ta iya komawa “na ba ta” ko “na ba su”, to kalmomi biyu ne. Haka “ta fi” da ke cikin sunan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939: tana komawa “ya fi” ko “sun fi”, don haka a rabe take, saɓanin “tafi” ta tafiya. Waɗannan gidaje biyu masu sauƙi ne, domin dalilinsu a fili yake. Sauran biyun su ne suka koya mana aikin littafin.

Neman dalili: “gida ce”

Sau bakwai ya mayar da namijin suna tamace: “gida ce babba”, “ruwa ta shiga kayan”, “nama ta yi tsada”. A shafin dalili ya rubuta cewa Faransanci ne ya ruɗe shi, domin a can kalmomin gida da ruwa da nama duk mata ne. Bayani ne mai ma’ana, amma akwai wani da ya yi daidai da shi wajen ma’ana: duka ukun suna ƙarewa da wasalin “a”, kuma yawancin sunayen Hausa masu ƙarewa da “a” mata ne, kamar riga da mota da hanya. Wataƙila ya miƙe wannan ƙa’ida ne har inda ba ta kai ba. Dalilan biyu ba maganinsu ɗaya ba. Idan Faransanci ne, sai ya bi sunaye masu yawa yana kwatanta jinsinsu a harsunan biyu, aikin watanni. Idan wasalin ƙarshe ne, ’yan kalmomi kaɗan zai riƙe.

Hanyar ganewa ita ce a zaɓo kalmomin da dalilan biyu za su saɓa a kansu. Na rubuta masa sunaye takwas, na ce ya sa wa kowanne “ne” ko “ce” ba tare da dogon tunani ba. Uku daga ciki, teburi da makulli da gari, maza ne a Hausa, mata a Faransanci, kuma ba sa ƙarewa da “a”. Wasu uku, suna da kada da ɓera, maza ne a harsunan biyu, amma suna ƙarewa da “a”. Biyun ƙarshe, kasuwa da wuƙa, mata ne a Hausa, maza a Faransanci. Da Faransanci ne ke jan hannunsa, da ya ce “teburi ce” da “kasuwa ne”. Bai ce ba. Teburi da makulli da gari da kasuwa da wuƙa duk ya same su daidai, ya faɗi a suna da kada da ɓera. Ya soke dalilin farko da hannunsa, ya rubuta na biyu. Ya kuma ƙara wani abu da shi ya lura da shi: a Larabcin da ya tashi da shi ma, “a” ta ƙarshen suna alamar mace ce, don haka ƙa’idar ta sami gindin zama tun kafin ya fara Hausa.

Atisayen da ya biyo baya gajere ne, kuma daga abin da ya riga ya sani muka gina shi. Bai taɓa cewa “gidarmu” ko “sunarka” ba. Kullum “gidanmu” da “sunanka” yake faɗa, domin a dunƙule ya haddace su a layi. Sai na ce duk lokacin da ya yi shakka, ya liƙa wa kalmar “mu” ya saurari bakinsa. Idan “n” ta fito, kamar ruwanmu da namanmu, namiji ne: “ne”, “ya”, “wannan babban”. Idan “r” ta fito, kamar motarmu da kasuwarmu, tamace ce. Ya ware shafi guda yana tara mazan sunaye masu ƙarewa da “a” duk inda ya ci karo da su, kowanne da jimlarsa. Shafin bai ko cika ba, kuma da wannan aka rufe babin.

Ƙidaya: biyar cikin nawa?

Gida na huɗu shi ne mai taurin kai. Ga irin jimlolin: “Kayan da sun iso jiya ba su cika ba.” “Yaushe kun aiko da kuɗin?” “Buhu ashirin ne an sauke.” A daidaitacciyar Hausa za a ce “kayan da suka iso”, “yaushe kuka aiko”, “buhu ashirin ne aka sauke”. Hausa tana da jeri biyu na shuɗaɗɗen lokaci. Na farko shi ne na ba da labari kai tsaye: mun, kun, sun, an, kin. Na biyu, wato muka, kuka, suka, aka, kika, yana zuwa ne bayan “da” mai bayyana suna, da bayan kalmomin tambaya irin su wa da me da ina da yaushe, da lokacin da aka gabatar da wata kalma gaban jimla don a ƙarfafa ta, da kuma cikin jerin aukuwar labari bayan “sai”.

A saƙonni goman nan, wurare goma sha huɗu ne suka buƙaci jeri na biyu, ya kuskure biyar. Da ya ga lissafin sai ya saki ransa. Ya ce, “Malam, ai tara na ci, wannan ba matsala ba ce.” Na ce masa, “Ɗana, karanto mini taran.” Takwas daga ciki irin su “direban da ya zo” ne, da “motar da ta lalace”, da “kuɗin da na karɓa”. A nan gizo ke saƙa. Lamirai huɗu, na da ka da ya da ta, kamanninsu ɗaya a rubuce a jerin biyu. Bambancinsu a baki yake: “ya” ta “ya zo jiya” doguwa ce, ta “wanda ya zo” gajeriya, kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. Wato a waɗannan wurare takwas ba shi da hanyar yin kuskure a takarda ko da ya so. Wuraren da za su iya tona shi shida ne kacal, kuma a cikinsu ya faɗi biyar. Lissafin gaskiya biyar cikin shida ne.

Wannan ya nuna mana dalilin ma. Tun da “ya” da “ta” su suka fi yawa a magana, kuma kunnensa bai kama bambancin tsawonsu ba, sai ya ɗauka Hausa jeri ɗaya gare ta, “suka” kuwa wata hanya ce kawai ta faɗin “sun” a tatsuniya. Daga ranar shafin ƙidaya ya sami layuka biyu ga kowane kuskure: sau nawa dama ta zo, sau nawa aka faɗi. Kuma damar da ba za ta iya nuna kuskure ba, ba ma ƙirga ta.

Atisayen da aka ɗinka wa kuskuren

Minti goma a rana muka yanke, bayan sallar asuba kafin a buɗe shago, kuma kuskure ɗaya kaɗai a lokaci guda, tun da taura biyu ba ta taunuwa. Jimlolin duk daga saƙonninsa na aiki aka ciro su. Matakai huɗu ne.

Mataki na farko juyawa ce daga tilo zuwa jam’i, domin a tilasta wa abin da ke ɓoye fitowa fili. Zai ɗauki “direban da ya zo” ya mayar da ita “direbobin da suka zo”, “motar da ta lalace” ta koma “motocin da suka lalace”, “kuɗin da na karɓa” ta koma “kuɗin da muka karɓa”. Jimla goma, yana faɗa da baki kafin ya rubuta, yana kuma gajarta “ya” da “ta” inda ya kamata, don kunne ya koyi abin da ido ba ya gani.

Mataki na biyu juyawa ce daga labari zuwa tambaya da ƙarfafawa. Daga “Sun sauke buhu ashirin a Kuseri” zai fitar da uku: “Me suka sauke?”, “Ina suka sauke?”, “Buhu ashirin ne suka sauke.” Kwana uku ya yi a kan waɗannan matakai biyu, ya daina faɗuwa ko sau ɗaya. Wannan nasara ba ta da nauyi sosai, domin a atisayen da kowace amsa “suka” ce, ko aku zai ci.

Shaidar haka ta zo a saƙonnin mako na biyu. Ya rubuta wa dillali: “Kayan suka iso lafiya.” Ya kuma rubuta: “Da kuka biya da wuri, da mun aiko.” Duka biyun jeri na farko suke buƙata: “kayan sun iso lafiya”, “da kun biya da wuri”. “Da” ta jimla ta biyu ta sharaɗin abin da bai faru ba ce, doguwa a baki, ba ta bayyana suna ba, amma a rubuce kamanninsu ɗaya. Ya shigar da su littafin a matsayin sabon kuskure, ransa a ɓace. Na nuna masa cewa tsohon kuskuren ne ya juya baya, kuma alama ce ta ci gaba: yanzu ya san jeri na biyu, saura ya san iyakarsa.

Daga nan mataki na uku ya fito, wato gauraye. Jimla goma sha biyu masu gurbi, shida na son “sun” da ’yan’uwanta, shida na son “suka”, a cakuɗe ba tsari, kuma a gefen kowace amsa sai ya rubuta kalmar da ta sa ya zaɓa. Idan babu “da” mai bayyana suna, babu tambaya, babu ƙarfafawa, babu jerin labari, sai ya rubuta “ba komai” ya sa “sun”. Na haɗa masa da farauta: ya ɗauki shafi ɗaya na Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, littafin da labarai ne zalla, don haka jeri na biyu ya yawaita a ciki, ya kewaye kowace “suka” da “aka”, ya nemo dalilinta a cikin jimlar. A nan ne ya gano da kansa cewa “suna” da “suke”, “yana” da “yake”, ƙa’ida ɗaya suke bi, ya koma tsofaffin saƙonninsa ya tsamo “kayan da suna hanya” ya gyara ba tare da na ja masa layi ba.

Mataki na huɗu rubutu ne na kansa: layi takwas a kan yadda wata mota ta taso daga Kano har ta iso, da sharaɗin a sami tambaya biyu da jimla uku masu “da” a jam’i. Bayan haka sai bita da tazara. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a farkon lokaci, daga baya ta lafa. Saboda haka a saman shafin kowane kuskure yakan rubuta ranaku biyar: gobe, bayan kwana 3, bayan 7, bayan 14, bayan 30. A kowace rana zai rufe gyaran da tafin hannu, ya gyara tsohuwar jimlar daga ka, ya ƙirƙiri sabuwa. Idan ya faɗi, lissafin ranakun ya koma farko.

Tarkon da ƙidaya ke tonawa

A mako na huɗu shafin ƙidaya ya nuna sifili. Ya zo yana murna, amma layin damar ya nuna biyu kacal cikin saƙonni goma sha ɗaya. Da na karanta saƙonnin sai na ga abin da ya faru. Maimakon “kayan da suka iso ba su cika ba”, sai ya koma rubuta “Kaya sun iso. Ba su cika ba.” Maimakon “yaushe kuka aiko?”, sai “Ina son ranar aikowa.” Ba da gangan ya yi ba, hannunsa ne ya koyi kewaye ramin. Jacquelyn Schachter ta bayyana irin wannan a 1974, kuma a kan irin wannan ginin jimla: ta tarar ɗalibai ’yan Sin da Japan masu koyon Turanci ba sa yawan kuskure a jimloli masu bayyana suna kamar Larabawa da Farisawa, amma dalilin shi ne ba sa yawan rubuta su. Littafin da ke ƙirga kurakurai kaɗai zai ba irin wannan ɗalibi lambar yabo.

Don haka muka sa sharaɗin sallamar kuskure. Ba a soke shi daga littafin sai an sami dama goma a jere a rubutun aiki na gaske, ba na atisaye ba, ba tare da faɗuwa ba, kuma yawan damar bai ragu daga yadda yake a farko ba. “Suka” ta ɗauke shi mako tara kafin ta cika wannan sharaɗi. Ko bayan haka takan ɓullo jefi-jefi ranar da mota ta iso da dare yana rubutu a gurguje, amma yanzu da an ja layi yake ganewa. Ta sauka daga rashin sani ta koma tuntuɓe, kuma iyakar abin da littafi zai iya yi ke nan.

Abin da bai kamata ya shiga littafin ba

Akwai wata rana da ya kawo jimlar wani dattijo Basakkwace da ke zama kusa da shagonsu, wanda ke cewa “mutanen da sunka zo”, yana tambaya ko ya gyara masa. Na ce ya rufa wa kansa asiri. Sunka da munka da anka Hausar Sakkwato ce da wasu sassan Nijar, ƙa’idar ɗaya ce, sigar ce ta bambanta, kuma dattijon bai taɓa sa “sun” inda “sunka” ta dace ba. A unguwa irin tamu, inda Bakano da Badamagare da Basakkwace suke sallah a sahu ɗaya, dole mai littafin kurakurai ya rubuta a shafin farko wace Hausa yake auna kansa da ita. Shi daidaitacciyar Hausa ya zaɓa, wadda aka gina bisa karin Kano, domin da Kanawa yake ciniki. Abin da ya saɓa mata saboda karin harshe muna sa masa alama dabam, ba ma ƙirga shi. Idan shakka ta taso a kan jinsin kalma ko rubutunta, Ƙamusun Hausa na Jami’ar Bayero da ya fito a 2006 ne alƙalinmu, ba wanda ya fi ɗaga murya ba.

Haka kuma akwai abin da laifin na’ura ne. Saƙonninsa na waya ba su da ƙugiya ko ɗaya: kasa a wurin ƙasa, dauki a wurin ɗauki. Kafin mu buɗe wa wannan shafi, na yi masa shifta ta kalma ashirin da biro. Ɗ da ɓ duk ya same su. Ƙ ce ya kuskure a wurare da dama. Ke nan biyu daga cikin ukun maganinsu sa allon rubutun Hausa a waya, ɗaya ce kaɗai ke buƙatar horon kunne, da kalmomi masu kama da juna irin su kafa da ƙafa, baki da baƙi. Da mun zuba su duka a gida ɗaya, da ya ɓata makonni yana koyon abin da ya riga ya sani.

Wanda ke son fara nasa littafin, kada ya jira sai ya sami malami. Ya tattaro rubutunsa na gaske guda goma, saƙonni ko wasiƙu, ya ba wanda ya fi shi hannu ya ja layi kawai. Abin da ya gyara da kansa ya bar shi. Abin da ya gagare shi ya kwafe jimlarsa, ya rarraba gida-gida, ya ɗauki gidan da ya fi jawo rashin fahimta, ba lalle wanda ya fi yawa ba. Ya rubuta dalilin da yake zato, sannan ya nemi kalmomi biyar ko takwas da za su iya ƙaryata zaton nasa. Ranar Lahadi ya ƙirga layuka biyu, dama da faɗuwa, ya kuma tambayi kansa ko damar tana raguwa. Sauran gidajen su jira layinsu. Suna nan a rubuce, ba inda za su.